Ra'ayi: Kafin ƙaramin ɗan kasuwa ya biya Facebook kuɗin talla, ya fara sanin ribar jarka ɗaya

Duk wanda ya buɗe wa sana'arsa shafi a Facebook ko Instagram ya san shuɗin maɓallin nan da ke ƙarƙashin hotunan da yake ɗorawa, wanda aka rubuta Boost post a jikinsa. Wani lokaci ma manhajar ce da kanta take aiko masa da saƙo cewa wannan hoton ya fi sauran karɓuwa, kuma idan ya biya 'yan kuɗi kaɗan dubban mutane za su gan shi.

Wannan tayi iri ɗaya ne ake yi wa mai babban kanti a Abuja da kuma matar da ke matsar man gyaɗa a cikin gidanta a Bauranya, a ƙaramar hukumar Kusada ta Jihar Katsina, alhali kasuwarsu ba ɗaya ba ce, aljihunsu ma ba ɗaya ba ne.

A ɗaya gefen kuma akwai matasa masu koyar da tallan intanet, waɗanda kullum maganarsu ita ce Boost asarar kuɗi ce, duk mai son ciniki sai ya koyi shirya cikakken kamfen a Ads Manager, wato babban shafin da kamfanin Meta ya ware wa masu talla.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Sai dai dukansu sun tsallake tambayar da ta fi shafar mai ƙaramin jari: naira nawa zai iya biya don samun mai saye guda ɗaya, ba tare da ya ci uwar kuɗinsa ba? Wanda bai san wannan amsa ba, lokacin biyan kuɗin talla bai yi masa ba tukuna, ko da wace hanya zai bi.

Mene ne bambancin hanyoyin biyu?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Boost ma talla ce ta gaske. Da ita da wadda aka shirya a Ads Manager duk kasuwar gwanjo ɗaya suke shiga. Duk lokacin da wani ya buɗe Facebook a wayarsa, masu talla da yawa ne ke takarar wannan gurbi na fuskar wayar, Meta kuma ta zaɓi wanda zai fito ta hanyar duba abin da kowa ya taya, da yiwuwar mai wayar ya aikata abin da mai tallan ke nema, da kuma ingancin tallan.

Bambancin yana wurin yawan ikon da mai talla yake da shi. A Boost, mutum zai ɗauki abin da ya riga ya wallafa, ya zaɓi manufa, ya zaɓi waɗanda za su gani, ya saka kuɗi da adadin kwanaki, shi ke nan. Cikin minti biyar an gama.

A Ads Manager aikin hawa uku ne. A hawan farko, Campaign, ake zaɓar manufa ɗaya daga cikin shida da Meta ta tanada. A hawa na biyu, Ad set, ake tsara yanki da shekarun masu gani da kuɗi da lokaci. A hawa na uku, Ad, ake saka hoto ko bidiyo da rubutu. Wannan tsari ne ke ba mutum damar gwada hotuna biyu ko uku a kan jama'a ɗaya ya ga wanda ya fi kawo ciniki, ko ya ware waɗanda suka taɓa yi masa magana ya sake tuna musu, ko ya buɗe rahoto ya ga daga wace jiha kuma masu wace shekaru ne suka amsa.

Wurin da aka fi tafka asara shi ne zaɓen manufa. Meta tana kawo wa mutum abin da ya nema ne daidai. Wanda ya nemi a yawaita masu danna alamar so da masu sharhi, za ta nemo masa mutanen da ɗabi'arsu ke nan, waɗanda ke rubuta "Masha Allah, Allah Ya kawo kasuwa" a ƙarƙashin kowane hoto su wuce. Addu'arsu abin godiya ce, amma ba su ne masu saye ba. Wanda ya nemi saƙonni ta WhatsApp, za ta nemo masa waɗanda suka saba danna talla su yi magana. Su ma ba duka ke saye ba, sai dai sun fi kusa da ciniki.

Lissafin jarka ɗaya

A ɗauki misalin waccan mai man gyaɗa ta Bauranya. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne kawai, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Tana sayar da mai a jarka mai lita 5. Bayan ta cire kuɗin gyaɗa da na niƙa da itace da jarkar kanta da ladan masu taya ta aiki, ta kuma haɗa da abin da ƙuli-ƙuli ke kawowa, ribar da ke rage mata a kowace jarka naira 2,500 ce. Kuɗin mota kuwa mai saye ne ke biya.

Ɗanta, wanda shi ke riƙe mata da shafin, ya ɗora hoton jarkoki a jere, ya danna Boost, ya saka naira 10,000 na kwana biyar. Bai taɓa wurin zaɓen yanki ba, don haka tallan ya bazu Najeriya baki ɗaya. Bai kuma rubuta farashi ba. Da aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, abin da ya fita daga asusu ya zama naira 10,750.

Bayan kwana biyar, mutum 400 sun danna alamar so, mutum 30 sun aiko da saƙo, mutum 3 sun saya. Gida ya cika da murna saboda shafin bai taɓa ganin irin wannan cunkoso ba.

Amma lissafi cewa ya yi: jarka 3 sun kawo ribar naira 7,500, talla ta ci naira 10,750. An yi asarar naira 3,250. Kowane mai saye ya tsaya mata a kan kusan naira 3,600, alhali ribar da ya bari naira 2,500 ce. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi da zai nuna wa mutum iyakarsa tun kafin ya biya ko sisi. Idan cikin mutum 10 da suka yi magana mutum 1 ne ke saye, kuma ribar wannan ɗayan naira 2,500 ce, to kowane saƙo darajarsa naira 250 ce. Duk tallan da ke kawo saƙo a kan sama da naira 250, cin jari yake yi. Nata ya kawo kowane saƙo a kan kusan naira 360.

Yanzu a ce an sake gwadawa da kuɗi iri ɗaya, amma an gyara abu uku. An taƙaita yanki zuwa Kankia da birnin Katsina, inda motar haya za ta iya kai jarka a rana ɗaya. An rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin tallan. An kuma maye hoton da gajeren bidiyo na lokacin da ake matsar man, domin mai saye ya ga tsaftar wurin da launin man.

A wannan karon saƙonni 25 kawai suka shigo, wato kowanne ya tsaya a kan naira 430, ya fi na farko tsada. Sai dai mutum 6 ne suka saya, saboda wanda farashin bai yi masa ba tun farko bai wahalar da kansa da tambaya ba, kuma babu ɗan Fatakwal ko Ibadan da zai ji kuɗin mota ya gudu. Riba ta zama naira 15,000, aka cire 10,750, ta tsira da naira 4,250. Idan biyu daga cikin shidan nan suka dawo wata mai zuwa, wannan cinikin ba a biya masa kuɗin talla ba.

Abin lura shi ne, duk gyaran nan uku ana iya yin su a cikin Boost. Abin da ya raba asara da riba shi ne sanin wanda ake nema da kuma sanin lissafi. Kuma saƙo mai araha ba shi ne manufa ba, domin tallan farko ya fi arahar saƙo amma shi ne ya jawo asara.

Matsalar ƙaramin gari

Yawancin darussan tallan intanet an tsara su ne da tunanin manyan birane irin Legas da Kano. Yankin Kankia da Kusada yana da nasa yanayin.

Meta tana ba mai talla damar dasa alama a taswira ya zana da'ira, tun daga kusan kilomita 1 har zuwa 80. Idan mai shagon kayan masarufi a Bauranya ya zana ƙaramar da'ira a kan garinsu, waɗanda ke da babbar waya da data kuma suke shiga Facebook a cikinta ba su da yawa, kuma galibinsu sun riga sun san shagonsa, sun san mahaifinsa. Kuɗinsa zai tafi ne wajen nuna wa mutane ɗaya talla ɗaya sau da yawa. A rahoton Ads Manager akwai layin da ake kira Frequency, wanda ke nuna matsakaicin sau nawa kowane mutum ya ga tallan. Idan wannan lamba tana hawa kullum amma saƙonni suna raguwa, jama'ar wurin sun ƙare ke nan.

Idan kuma ya buɗe da'irar har kilomita 80 daga Kankia, za ta haɗiye birnin Katsina da Dutsin-Ma, ta tsallaka har Tsanyawa da Bichi a Jihar Kano. Jama'a sun samu, amma babu wanda zai taso daga Bichi don sayen sukari da sabulu a Bauranya.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Kankia musamman. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Tun 2023 Meta ta daina ba masu talla zaɓin su ware mazauna wuri zalla, sai ta haɗe mazauna da waɗanda suka ziyarci wurin kwanan nan. Ma'ana fasinjan da ya ratsa ta Kankia da wayarsa a kunne yana iya shiga cikin waɗanda za a nuna wa tallan. Ga mai sayar da tsire ko gyaɗa a bakin titi wannan ba laifi ba ne. Ga mai aski ko mai wankin kaya kuwa, wani kaso na kuɗinsa ya bi mota ya tafi.

Daga nan za a fahimci ƙa'ida ɗaya mai amfani: tallan biya ya fi dacewa da kayan da ke iya tafiya. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da zuma da huluna da ragon layya duk ana iya ɗora su a mota zuwa inda masu kuɗi suke. Sana'ar da dole sai mai saye ya tako da ƙafarsa, a garin da kowa ya san kowa, ta fi cin moriyar WhatsApp Status da zaurukan WhatsApp na unguwa da bakin waɗanda suka taɓa saye suka ji daɗi. Waɗannan ba sa cin komai sai data.

To yaushe ya kamata a fara biya?

Sharaɗi na farko shi ne kayan su riga sun sayu ba tare da talla ba, kuma ga bare. Cinikin 'yan uwa da abokai ba ya zama hujja, domin wani don kunya ya saya, wani don zumunci. Hujja ita ce mutumin da bai san mai kayan ba ya gani, ya tambaya, ya biya, sannan ya dawo. Talla tana ƙara wa abin da ke tafiya gudu ne. Kayan da mutum 200 da ke cikin wayar mai su suka gani a Status wata guda cur babu wanda ya taya, nuna wa mutum 20,000 ba zai gyara farashinsu ko ingancinsu ba.

Sharaɗi na biyu shi ne littafi. Mai sana'a ya san ribarsa a kan kowane abu ɗaya, kuma ya yi aƙalla wata guda yana rubuta mutum nawa suka tambaya, mutum nawa suka saya. Littafin ɗan makaranta ya isa. Manhajar WhatsApp Business ma tana da alamomin da ake maƙala wa kowace hira, ta yadda za a raba sabon mai tambaya da wanda ya biya. Da waɗannan lambobi biyu ne ake fitar da iyakar kuɗin saƙo, kamar naira 250 ɗin da aka gani a misalin mai man gyaɗa.

Sharaɗi na uku shi ne a iya amsawa, a kuma iya kaiwa. Wanda ya danna talla yana cikin sha'awa ne a wannan lokacin. Idan wayar da ke karɓar saƙo tana wurin mai caji tun safe, ko tana aljihun yaron da ya tafi gona ko makaranta, ko sai an fita bayan gida ake samun sabis, amsar da za ta je masa da dare za ta tarar ya manta ko ya saya a wani wuri. An biya kuɗin saƙon, an kuma bar shi ya huce. Haka nan dole a riga an san direban da zai kai kaya Katsina ko Kano, da kuɗin da yake karɓa, da lokacin da yake tashi, kafin mai saye ya tambaya.

Wannan sharaɗi ya haɗa da ƙarfin aiki. Telan da ke Kankia wanda ɗinkin Sallah ya riga ya cika masa shago, idan ya saka talla saura kwana goma Sallah, rigima ya sayo wa kansa da kuɗinsa. Lokacin tallansa shi ne tun kafin azumi ya kama, sa'ad da kekensa ke da sarari.

Bayan sharuɗɗan nan akwai batun kuɗin da kansa. Kuɗin gwajin farko ya zama wanda idan ya tafi bai dawo ba, gobe za a iya sayen gyaɗa. Ba a cin bashi ko a taɓa kuɗin adashe don talla, domin gwajin farko kuɗin koyo ne, sau da yawa ba ya dawowa.

Inda Boost ta wadatar

Ga wanda ya cika sharuɗɗan kuma abin da zai iya warewa bai wuce 'yan dubbai a wata ba, Boost ta ishe shi, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ake buƙata shi ne ya ƙi amincewa da zaɓin da manhajar ta cike masa da kanta.

Ya zaɓi abin da ya riga ya jawo tambayar farashi ba tare da an biya ba, ba wanda ya fi tara alamar so ba. A wurin manufa ya zaɓi samun saƙonni, ya haɗa da lambarsa ta WhatsApp Business. A wurin yanki ya goge Najeriya ya rubuta garuruwan da zai iya kai kaya. Ya rubuta farashi da girman kaya da yadda ake kaiwa, da Hausar da masu sayensa ke ji. Sannan ya bar tallan ya yi kwana biyar zuwa bakwai ba tare da yana taɓa shi kullum ba, yana rubuta kowane saƙo da kowane ciniki.

A ƙarshen mako lambobi uku kawai zai duba: nawa ya kashe, mutum nawa suka saya, nawa ne ribarsu. Yawan waɗanda tallan ya kai gare su, wanda manhajar ke nunawa da manyan lambobi, ba ya shiga wannan lissafi.

Yaushe ne Ads Manager ke biyan wahalarsa?

Masu cewa kowa ya koma Ads Manager ba sa yawan faɗin cewa tsarin yana buƙatar kuɗin da zai ci kafin ya daidaita. Meta da kanta ta bayyana cewa kowane Ad set yana shiga wani zango na koyo, kuma yana buƙatar sakamako kusan 50 a cikin mako guda kafin ya fita daga wannan zango. Idan bai samu ba, sai a ga an rubuta Learning limited a gabansa, alamar cewa kuɗin ko jama'ar sun yi kaɗan. Duk wani babban gyara da aka yi wa tallan kuma yana iya mayar da koyon farko.

A mayar da wannan kan mai man gyaɗa. Idan kowane saƙo yana tsaya mata a kan naira 430, saƙo 50 a mako zai ci naira 21,500, wato kusan naira 3,000 a kullum, kusan naira 90,000 a wata. Kuma idan mutum 1 cikin 4 ke saye, ana maganar ƙarin jarka 12 a kowane mako, lita 60 ke nan a kan abin da ta saba matsa. Tana da gyaɗar? Tana da masu aikin? Tana da wanda zai zauna da waya yana amsa mutum bakwai ko takwas kullum?

Idan amsar e ce, to lokacin Ads Manager ya yi, kuma zai yi mata abin da Boost ba za ta yi da kyau ba. Za ta iya saka bidiyo biyu a Ad set ɗaya ta ga wanda ya fi kawo masu saye. Za ta iya tsara tallan ya riƙa fita a sa'o'in da akwai mai amsa waya kawai, wanda ke yiwuwa idan aka zaɓi Lifetime budget maimakon kuɗin kullum. Za ta iya buɗe Breakdown ta ga ko mata masu shekara 35 zuwa sama ne suka fi magana, ta daina biyan kuɗin nuna wa samari. Za ta kuma iya sake bibiyar waɗanda suka kalli bidiyonta ko suka yi wa shafinta magana ba su saya ba.

Idan amsar a'a ce, shiga Ads Manager da naira 10,000 a raba ta gida huɗu don gwaji, kamar yadda wasu darussa ke koyarwa, ba zai nuna komai ba. Kowane gida zai samu saƙo biyar ko shida, kuma da irin wannan adadi ba a iya bambance talla mai kyau da sa'a. Tallan zai fita, ba a hana shi ba, amma mai shi ya ɗauki wahalar babban tsari bai ci amfaninsa ba. Mai ƙaramin kuɗi gara ya tara shi wuri ɗaya.

Kuɗaɗen da ba a gani da wuri

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2022 Meta take ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallan masu talla na Najeriya. Duk lissafin da bai saka shi ba, ya rage kuɗin da aka kashe.

Na biyu ya shafi masu iPhone. A 2024 aka fara cire wa kamfanin Apple kashi 30 cikin 100 a kan Boost ɗin da aka biya daga cikin manhajar Facebook ko Instagram ta iPhone. Hanyar kauce masa ita ce a buɗe facebook.com ko instagram.com a burauza a biya daga can, ko a yi amfani da Ads Manager. Mai ribar naira 2,500 a jarka ba shi da rarar da zai yi kyauta da kusan sulusin kuɗin tallansa.

Na uku shi ne ɗan tsakiya. Ba laifi ba ne a biya wanda ya iya ya shirya talla, domin sana'a ce. Amma ladansa yana cikin kuɗin samun mai saye, dole a haɗa shi a lissafi. Kuma shafin da asusun talla su kasance da sunan mai sana'a, shi ya ba ɗan tsakiyar izinin shiga, kada ya miƙa masa kalmar sirri. Mai sana'a ya nemi ganin rahoton da idonsa, layin Amount spent da layin Results, kada ya tsaya ga hoton yawan masu kallo da za a turo masa. Wanda aka ba naira 20,000 ya saka 8,000 a talla ya riƙe saura, a wannan layin ne kawai asirinsa ke tonuwa.

Sanin lokacin tsayawa

Kamar yadda ake da lokacin farawa, akwai lokacin dakatawa. Idan mako ya cika kuɗin samun mai saye ɗaya ya fi ribarsa, kuma babu alamar masu sayen suna dawowa, a tsayar da tallan a duba inda matsalar take kafin a ƙara ko kwabo.

Tsarin saƙonnin da kansa yana nuna wurin ciwon. Idan mutane suna gani ba sa magana, hoton ko tayin ne bai ja su ba. Idan suna magana su ɓace da zarar sun ji farashi, ko dai farashin ya fi na kasuwarsu ko ba su ne masu sayen irin kayan ba. Idan sun yarda da farashi suka tsaya a wurin tura kuɗi, rashin yarda ne, domin mutane da yawa sun sha damfara a intanet. Maganin wannan shi ne bidiyon wurin aiki, da shaidar waɗanda suka taɓa saye, da yarda a biya wani kaso sai kaya sun isa hannu. Ƙarin kuɗin talla ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin ukun.

Kamfanin Meta yana samun kuɗinsa ne daga talla, don haka ba abin mamaki ba ne ya sa maɓallin biya a inda yatsa zai fi saurin kaiwa. Shi ba ya asara ko an saya ko ba a saya ba. Mai man gyaɗar Bauranya ce za ta wayi gari ta auna ko kuɗin da ya rage zai sayi buhun gyaɗa na gaba. Saboda haka kafin ɗanta ya sake danna shuɗin maɓallin, ta sa ya ɗauko littafi su rubuta ribar jarka ɗaya, da adadin masu tambaya da ke zama masu saye, da garuruwan da direba zai iya kai kaya kafin magariba. Idan lambobin sun ba da dama, a fara da kaɗan. Idan ba su bayar ba, a bar kuɗin a cikin gyaɗa.